Yadda mako na ɗaya na sabuwar shekara yake farawa a watan Disamba

Ranar Litinin 30 ga Disamba, 2024, saura kwana biyu shekara ta ƙare, amma duk kalandar da take nuna lambar mako bisa ƙa'idar ISO, hukumar daidaita ma'auni ta duniya, ta rubuta wa wannan rana mako na ɗaya na shekarar 2025. Wanda ya ga haka karon farko yakan ɗauka kuskure ne na masu buga kalandar ko na manhajar da ke wayarsa, alhali kuwa lissafin daidai yake, kuma yana da dalili mai ƙarfi wanda idan aka fahimce shi sau ɗaya ba a sake rikicewa.

Tushen matsalar yana cikin lissafin kwanaki. Shekarar Miladiyya kwana 365 gare ta, ko 366 a shekarar da watan Fabrairu ke da kwana 29, mako kuma kwana bakwai ne. Idan aka raba 365 gida bakwai za a sami mako 52 da ragowar kwana ɗaya, idan kuma 366 aka raba, ragowar kwana biyu ne. Wannan ragowa ita ce take hana shekara da mako su tashi tare su sauka tare. Ɗaya ga Janairu ta faɗo ranar Litinin a 2024, ta faɗo Laraba a 2025, Alhamis a 2026, za ta kuma faɗo Juma'a a 2027. Saboda haka kusan kowace shekara akwai mako guda da ya ratsa iyaka, wasu kwanakinsa suna cikin Disamba, sauran suna cikin Janairu. Duk mai son ya ba makonni lamba dole ne ya yanke hukunci a kan wannan makon, ya ce na wace shekara ne.

Hanyoyin da ke gabansa ba su da yawa. Zai iya tsaga makon biyu, ya ba tsohuwar shekara nata gutsuren, sabuwa ta ɗauki nata, sai dai hakan yana haifar da mako mai kwana biyu ko mai kwana biyar, wanda ba shi da amfani ga masana'antar da ke tsara aiki mako-mako ko ga mai kwatanta cinikin wannan mako da na wancan. Zai iya cewa mako na ɗaya shi ne makon farko da ya cika cif a cikin Janairu, amma a nan kwanaki har shida na sabuwar shekara suna iya zama a cikin tsohuwa. Ƙa'idar ISO 8601, wadda hukumar daidaita ma'auni ta duniya ta fara fitarwa a 1988, ta bi wata hanya ta uku. Ba ta yarda a tsaga mako ba ko kaɗan, kowane mako kwana bakwai ne daga Litinin zuwa Lahadi, kuma makon da ya ratsa iyaka ana ba da shi gaba ɗayansa ga shekarar da ta fi yawan kwanaki a cikinsa. Tun da bakwai ba ta rabuwa gida biyu daidai, ba a taɓa yin kunnen doki, dole ɗaya daga cikin shekarun biyu ta sami kwana huɗu ko fiye.

Daga nan ne Alhamis ta shigo cikin maganar. A tsarin ISO Litinin ce rana ta ɗaya, Talata ta biyu, Laraba ta uku, Alhamis ta huɗu, har zuwa Lahadi da take ta bakwai. Alhamis ke nan tana tsakiyar mako, kwana uku a gabanta, kwana uku a bayanta, don haka duk ɓangaren da ya sami kwana huɗu ba makawa Alhamis tana cikinsa. Maimakon a riƙa ƙirga kwanaki ana kwatantawa, sai a duba rana ɗaya tak: shekarar da Alhamis ɗin mako ta faɗa cikinta, ita ke da makon. Shi ya sa ake cewa mako na ɗaya shi ne makon da ya ƙunshi Alhamis ta farko ta shekara. Yana da kyau mai karatu ya lura cewa sunayen ranakunmu, waɗanda suka samo asali daga Larabci, suna ɗauke da wata ƙirga ta daban wadda ta fara daga Lahadi, inda Litinin ke nufin ta biyu, Alhamis kuma ta biyar. Wanda ya bi wannan ƙirgar wajen lissafin ISO zai zame da kwana ɗaya a ko'ina, don haka a nan sai a riƙe Litinin a matsayin ɗaya, Alhamis a matsayin huɗu.

Akwai wata hanyar faɗin wannan hukunci wadda ta fi sauƙin riƙewa ga mai kalanda a hannu, wato mako na ɗaya shi ne makon da 4 ga Janairu take ciki. Maganganun biyu abu ɗaya suke nufi. Idan 4 ga Janairu ta faɗo Lahadi, ranar ƙarshe ta mako, to Alhamis ɗin makon ita ce 1 ga Janairu, wadda ba shakka ita ce Alhamis ta farko. Idan kuma ta faɗo Litinin, ranar farko ta mako, to Alhamis ɗin ita ce 7 ga Janairu, kuma babu wata Alhamis da ta riga ta a shekarar. Waɗannan biyu su ne iyakoki, duk sauran ranaku suna tsakaninsu. Daga su ne kuma ake gane iyakar inda mako na ɗaya zai iya farawa: mafi wuri shi ne Litinin 29 ga Disamba, mafi jinkiri shi ne Litinin 4 ga Janairu. Ba ya taɓa yin nisa da 1 ga Janairu fiye da kwana uku ta kowane ɓangare, kuma a ganina wannan ne babban abin da ya sa hanyar ta fi sauran, domin ta raba karkatar gida biyu daidai maimakon ta jibge ta a ɓangare guda.

Mu koma ga 30 ga Disamba, 2024, mu bi ta daki-daki. Ranar Litinin ce, don haka makonta ya ƙunshi 30 da 31 ga Disamba, sannan 1, 2, 3, 4 da 5 ga Janairu. Kwana biyu na 2024 ne, kwana biyar na 2025. Alhamis ɗin makon ita ce 2 ga Janairu, 2025, wadda ita ce ta farko a shekarar. Makon gaba ɗayansa ya zama mako na ɗaya na 2025, kuma ranar Litinin ɗin da ya fara da ita ana rubuta ta haka:

```
2025-W01-1
```

Lambar farko shekarar makon ce, harafin W da lambobi biyu da ke bayansa su ne lambar mako, lambar ƙarshe kuma ranar mako ce. Abin da ya kamata a tsaya a kai a nan shi ne lambar farkon. Wannan 2025 ba shekarar kalanda ba ce, domin a kalanda ranar tana cikin 2024. Wata shekara ce mai zaman kanta, wadda take farawa ranar Litinin kullum, take ƙarewa ranar Lahadi kullum, kuma tana dacewa da shekarar kalanda a duk ranakun shekara in ban da 'yan kwanakin da ke bakin iyaka. Kusan duk kuskuren da ake tafkawa a wannan fanni daga rashin bambance shekarun nan biyu yake fitowa, kuma zan dawo gare shi.

Abin yana kuma juyawa ta ɗaya gefen. Idan 1 ga Janairu ta faɗo Juma'a, Asabar ko Lahadi, Alhamis ɗin makon ta riga ta wuce a cikin Disamba, don haka ranar farko ta sabuwar shekara tana cikin makon ƙarshe na tsohuwa. Ɗaya ga Janairu, 2023, ranar Lahadi ce, kuma a tsarin ISO ita ce rana ta bakwai ta mako na 52 na 2022. Mako na ɗaya na 2023 bai fara ba sai washegari, Litinin 2 ga Janairu. Idan 1 ga Janairu ta faɗo Talata, Laraba ko Alhamis, mako na ɗaya yana farawa a Disamba da kwana ɗaya, biyu ko uku. Sai idan ta faɗo Litinin kaɗai shekarun biyu suke tashi a rana ɗaya.

Tun da ba a tsaga mako, shekarar ISO ba za ta taɓa zama kwana 365 ba. Ko dai ta zama mako 52, wato kwana 364, ko ta zama mako 53, wato kwana 371. Hanya mafi kyau ta ganin yadda mako na 53 yake samuwa ita ce a jera ranakun da mako na ɗaya ya fara a shekaru masu bin juna. A 2021 ya fara 4 ga Janairu. A 2022 ya fara 3 ga wata, a 2023 ya fara 2 ga wata, a 2024 ya fara 1 ga wata. Kowace shekara yana ja da baya da kwana ɗaya, domin shekarar makonni ta gaza ta kalanda da kwana ɗaya. Shekarar 2024 tana da kwana 366, saboda haka ya ja baya da kwana biyu a lokaci guda, mako na ɗaya na 2025 ya fara 30 ga Disamba. Na 2026 ya fara 29 ga Disamba, 2025, wanda shi ne iyakar da ba a ƙetarewa. Da a ce 2026 ma mako 52 gare ta, da sabuwar shekara ta fara Litinin 28 ga Disamba, 2026, amma Alhamis ɗin wannan makon 31 ga Disamba ce, tana cikin 2026, don haka makon ya zauna a 2026 ya zama na 53. Mako na ɗaya na 2027 sai ya koma Litinin 4 ga Janairu, zagayen ya sake farawa daga inda ya faro a 2021. Ba wanda yake zama ya yanke shawarar ƙara wannan mako, hukuncin Alhamis ne da kansa yake haifar da shi duk lokacin da ragowar kwanakin ta taru.

Wannan ya nuna cewa yawan makonnin shekara shi ne yawan ranakun Alhamis da ke cikinta, ba ƙari ba ragi. Shekara tana samun Alhamis 53 ne idan ta fara da Alhamis, ko kuma idan mai kwana 366 ce ta fara da Laraba. Shekarar 2026 misali ce ta yanayi na farko, 2020 kuma ta na biyu. Shekarun 2004, 2009, 2015, 2020 da 2026 duk mako 53 gare su, mai zuwa bayansu kuma ita ce 2032, tazarar da ke tsakaninsu shekara biyar ce ko shida. Kalandar Miladiyya tana maimaita kanta duk shekara 400, waɗanda ke da kwana 146,097, wato mako 20,871 cif ba ragowa. Mako 52 sau 400 ya kama 20,800, bambancin 71 ne, kuma wannan shi ne adadin shekaru masu mako 53 a cikin kowace shekara 400. Mai son sanin yawan makonnin wata shekara ba tare da wannan lissafi ba, sai ya duba lambar makon 28 ga Disamba, domin wannan rana kullum tana cikin makon ƙarshe, kamar yadda 4 ga Janairu take cikin na farko. Kada ya duba 31 ga Disamba, wadda tana iya ba shi amsar mako na ɗaya.

Ga wanda yake son fitar da lambar makon kowace rana da biro da takarda, hanyar da na fi amincewa da ita ita ce wadda take bin hukuncin kansa. Ka nemo Alhamis ɗin makon da ranarka take ciki, ka rubuta shekarar wannan Alhamis a matsayin shekarar mako, sannan ka ƙirga ko ita ce Alhamis ta nawa a shekarar. Mu ɗauki Asabar 15 ga Maris, 2025. Alhamis ɗin makonta ita ce 13 ga Maris. Janairu kwana 31 ne, Fabrairun 2025 kwana 28, a haɗa da 13 a sami 72, wato ita ce rana ta 72 a shekara. Kowane kwana bakwai daga farkon shekara suna ɗauke da Alhamis guda, kwana 70 na farko sun ɗauki Alhamis goma, rana ta 72 kuma ta faɗa a rukuni na goma sha ɗaya. Amsa ita ce mako na 11, kuma Asabar rana ta shida ce, don haka ranar ita ce `2025-W11-6`. Kyawun wannan hanya shi ne ba ta buƙatar wani gyara na musamman a ƙarshen Disamba ko farkon Janairu, tun da Alhamis ɗin ita ce take faɗin shekara tun daga matakin farko.

Komawa daga lambar mako zuwa kwanan wata ma ba shi da wuya. A ce an sanar da kai cewa kaya za su iso a mako na 10 na 2026. Ka fara da 4 ga Janairu, 2026, wadda ta faɗo Lahadi, ka koma baya zuwa Litinin ɗin makonta, wato 29 ga Disamba, 2025. Wannan ne farkon mako na ɗaya. Mako na goma yana gaba da mako tara, kwana 63 ke nan, kuma idan ka ƙirga su za ka sauka a Litinin 2 ga Maris, 2026. Wanda ya fara ƙirgarsa daga Litinin ta farko da ya gani a cikin Janairu, wato 5 ga wata, zai sauka a 9 ga Maris, ya makara da mako guda cur.

Yanzu mu dawo kan kuskuren da na ambata, wanda ya fi damuna domin ba ya yin ƙara idan ya auku. A yawancin harsunan rubuta manhaja akwai alama daban ta shekarar kalanda da alama daban ta shekarar mako. A tsarin `strftime`, wanda harsuna da dama suke amfani da shi, `%Y` shekarar kalanda ce, `%G` shekarar makon ISO ce, `%V` kuma lambar makon ISO. Doka ita ce `%V` tana tafiya da `%G`, ba ta tafiya da `%Y`. Ga abin da umarnin `date` na GNU yake bayarwa a kan rana ɗaya:

```
date -d 2024-12-30 +%G-W%V
2025-W01
date -d 2024-12-30 +%Y-W%V
2024-W01
```

Amsa ta biyu ba daidai ba ce, amma kamanninta ba su nuna hakan ba, domin akwai mako na gaskiya mai wannan suna, wanda ya kama daga 1 zuwa 7 ga Janairu, 2024. A ce wani kamfani yana tara cinikinsa mako-mako da wannan gurɓatacciyar alama. Cinikin 30 da 31 ga Disamba, 2024, zai tsallake kusan shekara guda baya ya haɗe da na makon farko na Janairun 2024, wannan makon ya zama mai kwana tara, shi kuma mako na ɗaya na 2025 ya rage saura kwana biyar. Jimillar kuɗin ba ta canja ba, don haka mai binciken lissafi ba zai ga giɓi ba. Abin da ya lalace shi ne kwatancen, inda rahoto zai nuna kamar ciniki ya faɗi warwas a farkon 2025 idan aka auna shi da bara, alhali kwana biyar ake aunawa da kwana tara. Hanyar gano shi ita ce a ƙirga kwanaki nawa ne suka faɗa ƙarƙashin kowace lambar mako, duk wadda ba ta ba da bakwai ba akwai matsala a wurin.

Kuskuren yana kuma zuwa ta bayan gida, inda ake sa shekarar mako a cikin kwanan wata na yau da kullum. A harshen Java, ƙananan haruffa `yyyy` su ne shekarar da aka saba, manyan `YYYY` kuma shekarar mako ce, wadda dokarta ma takan bi saitin yankin da aka zaɓa. Wanda ya rubuta `YYYY-MM-dd` zai ga 30 ga Disamba, 2024, ta fito a matsayin 2025-12-30, rasit ko takardar shaida ta ɗauki kwanan watan da ke gaba da shekara guda. Abin da ya sa irin wannan aibi yake daɗewa a ɓoye shi ne kwanakin da yake bayyana ba sa wuce uku a kowace iyakar shekara bisa tsarin ISO, wani lokaci ma babu ko ɗaya. Manhajar da aka rubuta a tsakiyar 2023 ta shiga 2024 lafiya lau bisa tsarin ISO, saboda 1 ga Janairun ta faɗo Litinin, sai a ƙarshen Disambar 2024 aibin ya fito fili. Saboda haka duk mai gwada irin wannan aiki ya kamata ya sa ranaku kamar 30 ga Disamba, 2024, da 1 ga Janairu, 2021, da 31 ga Disamba, 2026, a cikin gwajinsa da gangan, kada ya dogara da ranar da yake zaune yana rubutun.

Ya kamata kuma a sani cewa ba kowace lambar mako ce ta ISO ba. A manhajar Excel, `WEEKNUM` idan ba a ba ta wani zaɓi ba tana bin tsarin da aka saba da shi a Amurka, inda mako yake farawa ranar Lahadi, mako na ɗaya kuma shi ne wanda 1 ga Janairu take ciki ko da kwana ɗaya ne. Mai son lambar ISO sai ya yi amfani da `ISOWEEKNUM`, ko ya ba `WEEKNUM` zaɓi na 21. Haɗarin a nan shi ne tsarin biyu sukan yi kusan daidai a wasu shekaru. A 2025 sun dace a kusan kowace rana in ban da ranakun Lahadi da ƙarshen Disamba, har mutum ya ɗauka abu ɗaya ne. A 2021 kuwa, da shekara ta fara da Juma'a, Litinin 4 ga Janairu mako na biyu ce a wurin `WEEKNUM`, mako na ɗaya a wurin ISO, kuma wannan bambanci na mako guda, wanda yake zama biyu a ranakun Lahadi, ya bi su har ƙarshen shekara. Haka zai sake faruwa a 2027. Idan mutum biyu suka ƙulla yarjejeniya a kan lambar mako kawai, ɗaya yana bin wannan tsari ɗayan yana bin wancan, kowannensu zai yi gaskiya a lissafinsa kuma ba za su haɗu a rana ɗaya ba. Shi ya sa nake ganin duk takardar da ta ambaci lambar mako ya kamata ta faɗi cewa ta ISO ce, ta haɗa ta da shekararta, ta kuma rubuta kwanan watan Litinin ɗin da makon ya fara.

Akwai iyaka guda da tsarin ba zai iya kawar da ita ba, wato mako na 53 ba shi da takwara a shekarar da ta gabace shi. Mai kwatanta 2026 da 2025 mako da mako zai iso mako na 53 ya tarar babu abin da zai ajiye a gefensa, kuma jimillar 2026 za ta ƙunshi kwana 371 a kan 364, ƙarin da ya kusa kashi biyu cikin ɗari wanda ba daga bunƙasar aiki ya fito ba. Dole mai rahoton ya zaɓa, ko ya cire makon daga kwatancen ya bayyana cewa ya cire shi, ko ya koma ga matsakaicin kowane mako maimakon jimillar shekara. Bayan wannan makon kuma, makonnin 2027 za su matsa gaba a kalanda da kwana shida idan aka auna su da na 2026, tun da mako na ɗaya ya tashi daga 29 ga Disamba ya koma 4 ga Janairu, don haka ranar da ta faɗa mako na 10 a 2026 galibi mako na 9 za ta faɗa a 2027.